Yadda za ka shirya difens na SIWES: daga logbuk zuwa gaban malamai

Kwamitin malaman da za su zauna a gabanka ranar difens ba tarihin ma'aikatar da ka je suke nema ba. Da yawansu sun san wurin tun kana firamare, wasu ma su suka kai wa ɗaliban bara ziyara a can. Abin da suke son tabbatarwa a cikin 'yan mintocin da za a ba ka shi ne ko ka je wurin da gaske, ko hannunka ya taɓa aikin, kuma ko ka fahimci dalilin abin da aka sa ka yi. Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 saboda masu ɗaukar aiki suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da karatun littafi ba su san kan na'ura ba. Har yau wannan kukan ne yake bayan kowace tambaya da za a yi maka, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kake, ko a Jami'ar Jihar Sakkwato, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

Don kada bayanin ya tsaya a iska, zan bi misali ɗaya har ƙarshe: ɗalibar kimiyyar sinadarai da ta yi wata shida a ɗakin gwaji na wata matatar ruwan sha, inda ake ɗebo ruwan kogi a tace shi a tura gari. Alƙaluman gwajin da zan kawo na misali ne, na tsara su don koyarwa. Kai naka za ka sa, waɗanda ke cikin logbuk ɗinka.

Ka fara da takardu uku a kan tabarma

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka je wurin kodinetan SIWES na sashenku ka tambayi abu uku: minti nawa ake ba kowa, da firojekta ake yi ko da baki kawai, kuma ɗaya-ɗaya ake shiga ko rukuni-rukuni. Wannan ya bambanta daga sashe zuwa sashe, har daga shekara zuwa shekara, don haka kada ka dogara da abin da ɗan ajin gaba ya faɗa maka a hostel. A nan zan ɗauka an ba ka minti 10 na magana, sannan tambayoyi su biyo baya.

Daga nan ka shimfiɗa logbuk, da rahoton da ka rubuta, da farar takarda. Ka karanta logbuk ɗin daga makon farko zuwa na ƙarshe, kana raba ayyukan gida biyu a kan farar takardar: abin da ka yi da hannunka, da abin da ka tsaya ka kalla ana yi. Ɗalibarmu za ta ga cewa auna pH, da auna dagulewar ruwa, da gwajin kulorin, da gwajin kwalabe na alam duk ta yi su da kanta. Wanke matatar yashi da gyaran famfon turo ruwa kuwa kallo ta yi. Jawabinka a kan gida na farko zai tsaya. Na biyun ambato kawai zai samu, kuma ka faɗe shi yadda yake, ka ce an yi a gabanka.

Sai ka gwada logbuk da rahoto. Malami ɗaya a kwamitin yakan riƙe logbuk yana buɗawa yayin da kake magana, wani kuma yana riƙe da rahoton. Idan rahoto ya ce ka yi gwajin ƙwayoyin cuta, logbuk bai ambace shi ko a mako ɗaya ba, to ka riga ka miƙa musu tambayar farko. Wannan yakan faru da waɗanda suka kwafo babi daga rahoton ɗalibin bara. Ka cire duk abin da ba naka ba tun yanzu. Ka kuma duba cewa mai kula da kai a wurin aiki ya sa hannu a shafukan da ake buƙata, hatimin ma'aikata ya hau, malamin da ya kai ziyara ya rubuta nasa, Fom 8 kuma an cika shi. Idan akwai sa hannun da ya rage, ka koma ka nema a makon nan, kada ka bari sai ana gobe difens ka tarar mutumin ya yi tafiya.

Zaɓi aiki ɗaya ka shiga cikinsa

A nan ne yawancin ɗalibai suke ɓata lokacinsu. Suna so su nuna cewa wata shidan bai tafi a banza ba, sai su jero ayyuka goma sha biyar, kowanne da jimla ɗaya. Malami ba ya iya gane wanda ya iya daga wanda ya haddace a irin wannan jeri, don haka sai ya zaɓi ɗaya da kansa ya yi ta tono, kuma ba lallai ya zaɓi wanda ka fi ƙwarewa a kai ba. Idan kai ka zaɓa ka yi bayani mai zurfi, tambayoyin za su zo ne a filin da ka share da kanka.

Aikin da ya dace a zaɓa shi ne wanda ka maimaita sau da yawa, wanda yake da alƙaluma, kuma wanda sakamakonsa yake sa a yanke wata shawara a wurin aiki. Ga ɗalibarmu, gwajin kwalabe ne, domin da shi ake sanin yawan alam ɗin da za a zuba wa ruwa a ranar. Ga yadda bayaninta ya kamata ya tafi.

Za ta fara da matsalar. Da damina, musamman daga Yuli zuwa Satumba, ruwan kogin Rima yakan zo ja wur da laka. Ƙwayoyin yumɓun da ke ciki ƙanana ne ƙwarai, kuma suna ɗauke da caji iri ɗaya, don haka suna ture juna, ba sa kwanciya ko an bar ruwan ya daɗe. Alam yana kashe wannan cajin, ya kuma zama wani abu mai yauƙi da ke tattaro lakar ta dunƙule ta yi nauyi ta nutse. Idan alam ya yi kaɗan, ruwan ba zai washe ba. Idan ya yi yawa, an yi asarar kuɗi, pH ya faɗi, kuma ruwan kan iya sake dagulewa.

Sai ta faɗi abin da ta yi, a jere yadda ta yi shi. Ta auna giram 10 na alam ta narkar a ruwa lita ɗaya, ta yadda kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 10. Ta cika kwalabe shida da ɗanyen ruwan kogi, kowacce lita ɗaya. Ta zuba mililita 1 a ta farko, 2 a ta biyu, haka har 6 a ta ƙarshe, wato daga miligiram 10 zuwa 60 a kowace lita. Ta kunna injin juyawa da sauri na kamar minti ɗaya don maganin ya gauraya, ta rage shi ya juya a hankali na minti 15 zuwa 20 don dunƙulen su girma ba tare da sun farfashe ba, sannan ta kashe ta bar su minti 30 su kwanta. Daga nan ta ɗebi ruwan saman kowace kwalba ta auna.

A ce ɗanyen ruwan ya zo da dagulewa 180 NTU, wato ma'aunin da ake auna dagulewar ruwa da shi. Bayan gwaji, kwalabe shidan sun ba da 62, 28, 9, 4, 3.5 da 6. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya sa iyakar dagulewa a 5 NTU. Kwalba ta huɗu da ta biyar ne suka sauka ƙasa da iyakar, ta shida kuma ta fara hawa, alamar an wuce gona da iri. Wacce za a zaɓa? Ta huɗu, mai miligiram 40, domin ita ce mafi ƙarancin magani da ta biya buƙata, kuma ruwan zai bi ta matatar yashi a gaba.

Yanzu ga wurin da malamai suke ɗago kai su saurara. Miligiram ɗaya a lita daidai yake da giram ɗaya a kubik mita. Idan matatar tana tace kubik mita 10,000 a rana:

```
40 g/m³ × 10,000 m³ = 400,000 g = 400 kg
400 kg ÷ 50 kg = 8
```

Buhu takwas ke nan masu kilo 50 a rana. Da an zaɓi kwalba ta biyar, da an ƙara kilo 100, wato buhu biyu kullum, don ribar rabin NTU kawai. Ɗalibar da ta kai bayaninta nan ta nuna cewa ta san abin da ke haɗa kwalbar da ke kan tebur da buhunan da ke cikin sito. Duk wannan bai fi minti huɗu ba idan an yi atisaye.

Kai ma ka nemi irin wannan zaren a naka aikin. Wanda ya yi a kamfanin siminti na Kalambaina, ko a ɗakin gwajin asibiti, ko a gonar noman rani ta Kwalkwalawa, tambayoyin da zai amsa iri ɗaya ne: wace matsala ake son warwarewa, me na yi, me ya fito, wace shawara aka yanke saboda abin da ya fito.

Rabon minti goma

Mutum yana faɗin kalma kamar 120 zuwa 130 a minti idan yana magana a natse, don haka minti 10 bai wuce kalma 1,200 da 'yan kai ba. Wannan bai kai shafi uku da aka buga ba. Da zarar ka ga haka, za ka gane cewa babu wurin da za a karanto tarihin kafuwar SIWES da manufofinsa, abin da kwamitin ya riga ya ji daga bakin ɗalibai ashirin kafin kai. Idan sashenku ya wajabta a ambace shi, jimla biyu sun isa.

Rabin minti na farko na gaisuwa ne da gabatar da kai: suna, lambar shiga, inda ka yi aiki, daga wane wata zuwa wane wata. Minti ɗaya a kan wurin, abin da suke yi da sashen da aka ajiye ka. Minti ɗaya da rabi a kan tafiyar aikin gaba ɗaya, kuma a nan zane ɗaya ya fi magana: daga kogi zuwa wurin zuba alam, zuwa tankin kwanciya, zuwa matatar yashi, zuwa kulorin, zuwa babban tanki. Ka nuna da yatsa inda kai ka tsaya a cikin wannan layi. Minti huɗu na babban aikinka. Minti ɗaya na sauran ayyuka a dunƙule. Ragowar minti biyun na matsaloli ne da shawarwari da alaƙar aikin da kwasa-kwasan da ka yi a aji.

Batun alaƙa da kwas kada ka raina shi. Ka ambaci kwas ɗin da sunansa, ka faɗi abin da ka gane a wurin aiki wanda a aji haddarsa kawai ka yi. Mai yiwuwa malamin da ya koyar da shi yana zaune a gabanka.

A wajen matsaloli, kusan kowa kuɗin mota da rashin wuta da jinkirin alawus yake kawowa. Gaskiya ne, amma ba sa ƙara maki. Matsalar da ta shafi aikin ita ce mai amfani. Ɗalibarmu tana iya cewa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, kulorin yana saurin bajewa daga samfurin ruwa, don haka idan aka ɗebo ruwa daga unguwa mai nisa aka kawo ɗakin gwaji, sakamakon yakan nuna ƙasa da gaskiya. Shawararta ita ce a riƙa yin gwajin a bakin famfon. Ka lura ba ta zagi kowa ba. Kada ka mayar da difens wurin tona asirin waɗanda suka karɓe ka, domin ƙannenka za su je neman gurbi a can baɗi. Kuma kafin ka sa alƙalumansu ko hoton cikin ma'aikatarsu a allo, ka nemi izini: "Malam, ina son in nuna sakamakon gwajin nan a makaranta, ko akwai damuwa?" Asibiti kuwa, sunan majinyaci ko fuskarsa ba sa fitowa ko da wasa.

Silaid

Takwas zuwa goma sun isa minti goma. Rubutu ya zama babba, kada ya gaza 24 a PowerPoint, baƙi a kan fari, domin ajin da rana ke shigowa ta taga yakan cinye launuka masu haske. Sakamakon kwalabe shidan nan, a zana shi a jadawali mai layi, yawan alam a kwance, dagulewa a tsaye, kowanne da ma'auninsa a rubuce. Adadi ba tare da ma'auni ba laifi ne da malaman kimiyya ba sa yafewa. Hotonka kana aikin ya fi hoton na'ura da ka ɗauko a intanet, amma ka duba shi da kyau: idan babu rigar ɗakin gwaji ko safar hannu a jikinka, ka jawo wa kanka tambaya a kan kariya.

Ka ajiye fayil ɗin iri biyu, na PowerPoint da na PDF, a filas da kuma a waya. Ka bincika ko firojektan sashenku HDMI yake karɓa ko VGA. Sannan ka buga silaid ɗin a takarda, kwafi uku ko huɗu, shida a shafi ɗaya. Idan aka ɗauke wuta, sai ka miƙa wa malamai ka ci gaba da magana.

Tambayoyi

Ka ɗauki kowace silaid ka tambayi kanka "don me?" sau biyu a jere. Yawancin tambayoyin kwamiti a nan suke. Ga ɗalibarmu: don me ake juyawa da sauri sannan a hankali? Ta riga ta amsa a cikin bayani. Me ya faru da pH bayan zuba alam? Ya sauka, a misalinmu daga 7.4 zuwa 6.7, domin alam yana cinye sinadaran da ke tare tsami a cikin ruwa. Iyakar ruwan sha 6.5 zuwa 8.5 ce, kuma idan ya sauka ƙasa da haka ana ɗaga shi da laim, wato garin farar ƙasa. Don me ba a zuba kulorin tun farko a huta? Domin laka tana ɓoye ƙwayoyin cuta, dattin da ke tare da ita kuma yana cinye kulorin ɗin kafin ya yi aiki. Nawa ya kamata ya rage? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ruwan ya isa ga mai sha. Yaya ake ganewa? Ana jefa ƙwayar DPD, ruwan ya koma ruwan hoda, a gwada ƙarfin launin da ma'auni.

Akwai wasu tambayoyin da ba na ilimi ba ne, na tantance halarta ne: sunan wanda ya kula da kai, ƙarfe nawa ake fara aiki, mene ne sunan na'urar da ka yi amfani da ita, yaya ake daidaita ta kafin a fara awo. Wanda ya je yakan amsa su ba tare da tunani ba. Wanda ya san na'urar pH da hannunsa zai tuna ruwan daidaitawa na 4 da 7 da ake tsoma ta a ciki.

Idan aka yi tambayar da ba ka sani ba, ka ce ba ka yi wannan da kanka ba, sannan ka faɗi abin da ka sani kusa da ita. Ƙirƙirar amsa ita ce mafi muni, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ta biyu za ta kai ka ƙarshensa. Idan malami ya gyara maka, ka karɓa ka yi godiya. Idan kuma ka tabbata abin da ka faɗa shi ne ake yi a wurin, ka ce haka ka ga ana yi, ga shi a logbuk mako na kaza, ba tare da ɗaga murya ba. Ka bar mai tambaya ya kai aya kafin ka buɗe baki. Sau da yawa ɗalibi yakan amsa tambayar da ya zata, ba wadda aka yi ba.

Atisaye da ranar kanta

Da Turanci za a yi difens, kuma ɗalibai da yawa da suka san aikinsu sarai a nan harshensu yake sarƙewa. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ka fara bayyana aikin da Hausa ga wanda bai san fannin ba, ƙanwarka ko abokin ɗakinka mai karanta shari'a. Duk inda ka kasa faɗa da Hausa, matsalar ta fahimta ce, sai ka koma littafi ko ka kira wanda ya koya maka a wurin aiki. Idan ya tafi daidai, sai ka koma Turanci, a tsaye, da murya sama, agogon waya yana gudu. Kada ka haddace jawabin duka, domin wanda ya haddace idan aka katse shi a tsakiya ba ya iya komawa. Jimlar farko da ta ƙarshe kawai za ka riƙe daram, saura kuma ka san jerinsa. Ka nufi gamawa a minti tara, saboda a gaban malamai ana rasa daƙiƙoƙi wajen canja silaid da gyaran murya. Ka naɗi muryarka sau ɗaya ka saurara, za ka ji inda kake haɗiye ƙarshen jimla, cutar da ta fi kama masu kunya.

Idan rukuni ne, ku raba sassan, amma kowa ya iya na kowa, domin malami yakan tsallake mai magana ya nuna wanda ya laɓe a baya. Ku kuma daidaita alƙalumanku: mutum uku da suka yi aiki a ɗakin gwaji ɗaya ba za su kawo iyakar dagulewa iri uku ba.

Ranar difens, wanda ke zaune a cikin gari ya fito da wuri, musamman mai zuwa mazaunin dindindin na Ɗanfodiyo, don motar safe takan cika kuma ba kullum ake bin jerin suna ba. Shiga ta zama mai tsabta kuma wadda sashenku ya amince da ita. Ka riƙo logbuk, rahoton da aka ɗinke, katin shaida, filas, takardun silaid, da ruwan sha. Ka sa fayil ɗinka a kwamfutar da za a yi amfani da ita kafin a fara zama, ka buɗe shi ka ga jadawalin bai watse ba. Idan an kira ka, ka tsaya a gefen allo yadda ba za ka tare shi ba, ka fuskanci malamai, ka gaishe da shugaban kwamiti da sauran da jimla ɗaya. Bayan tambayoyi, ka rubuta duk gyaran da aka ce a yi wa rahoton nan take, ka kuma tambayi kodineta ranar da za a mayar da kwafin da aka gyara kafin ka bar harabar sashen.